Ragin buɗa-baki: kashi 15 cikin 100, ana rufewa Alhamis 27 ga Maris 2025 ƙarfe 4 na yamma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Wannan saƙon shi ya maye gurbin wanda muka saka a saman menu ran 1 ga azumi, mun goge wancan gaba ɗaya, daga yau Litinin 10 ga Maris da wannan za a yi aiki, ko an turo maku hoton tsohon a wasap to ku bar shi kawai.

Laifinmu ne, mu muka rubuta "ragi na musamman a kan abinci har zuwa sallah" muka yi shiru, ba mu faɗi wane abinci ba, ba mu faɗi nawa ba, ita kuma sallar ai babu wanda ya san ranarta sai an ga wata Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, ko azumi 29 ko 30. Haka aka yi ta samun saɓani a bakin ƙofa, yaro ya kai abinci ana dab da kiran sallah, Hajiya ta ce ai an ce akwai ragi, yaron kuma a takardarsa babu, kowa da yunwa a bakinsa a tsaya ana lissafi. Ku yi haƙuri da abin da ya wuce. Ga yadda abin yake yanzu.

RANAR ƘARSHE: Alhamis 27 ga Maris 2025, ƙarfe 4:00 na yamma agogon Najeriya. Bana an tashi da azumi ran Asabar 1 ga Maris, to kwanan watan biyu tafiya ɗaya suke, wannan Alhamis ɗin ita ce azumi na 27. Amma a lura fa, ba daren 27 muke nufi ba wanda ake raya shi ran Laraba da dare, yinin Alhamis ɗin muke nufi, kuma yana ciki har ƙarfe 4. Odar da ta shigo 4:01 kuɗinta cikakke ne. Juma'a 28 babu ragi, jajiberi babu, ran sallah da yawon sallah babu, ganin wata ko rashin ganinsa bai taɓa wannan ranar ba. Kuma ba za mu ƙara kwana ba, daga Juma'ar kicin ɗinmu ya koma kan suyar kaji da odar sallah, hannu ba zai isa ba.

Ragin a kan ƙunshin buɗa-baki guda uku ne kacal:

Ƙaramin ƙunshi, ₦3,500: kunun gyaɗa ko na tsamiya, ƙosai, dabino da yankan kankana.
Matsakaici, ₦6,500: duk na ƙaramin, da soyayyen dankali da ƙwai ko doya da ƙwai, da zoɓo ɗaya.
Na iyali, ₦20,000: na mutum huɗu, akwai waina da miyar taushe, farfesun kayan ciki, kunu babban jarka, ƙosai da dabino.

In ba waɗannan ukun ba to farashin menu ne. Jalof da kaza, dambun shinkafa, tuwo miyar kuka, gasasshen kifi, abincin sahur, lemon kwalba da ruwan gora duk ba sa ciki. Haka ƙari, in kun ce a ƙara nama ko a ƙara ƙwai a cikin ƙunshin, ƙarin kuɗinsa daban ne ba a rage masa komai.

Sai kuɗin ƙunshin ya kai ₦6,000 ragin yake fara aiki, wato ƙarami guda ɗaya bai kai ba, guda biyu ₦7,000 ya kai. Kuma ba a haɗawa da jalof ko lemo don a cike dubu shidan, kuɗin ƙunshi kawai na'ura take ƙirgawa. Ragin kuma yana da iyaka daga sama, ba ya wuce ₦3,000 a oda ɗaya ko nawa kuka saya. Bari mu yi lissafin a fili don nan ne aka fi samun rigima. Matsakaici ɗaya ₦6,500, a cire ₦975, ku biya ₦5,525. Na iyali ɗaya ₦20,000, a cire ₦3,000, ku biya ₦17,000. Na iyali biyu ₦40,000, abin da za a cire ₦3,000 ne dai, ba ₦6,000 ba, ku biya ₦37,000.

Kuɗin kai wa gida yana nan yadda yake, ragin bai shafe shi ba ko sisi, man babur ba a yi mana ragi ba mu ma. Zoo Road, Hausawa, Gyaɗi-Gyaɗi, Court Road, Gandun Albasa da Tarauni ₦1,000. Nasarawa, Hotoro, Kabuga da cikin gari ₦1,500. Rijiyar Zaki, sabuwar BUK da Bompai ₦2,000, su kuma don Allah odar ta shigo kafin ƙarfe 3 saboda cunkoson yamma, kun san yadda titi yake cika in an kusa shan ruwa. Unguwar da ba ku gani a nan ba ku kira tukunna kafin ku tura kuɗi. Misali wanda ke Tarauni ya sayi matsakaici ɗaya, ₦5,525 da ₦1,000, jimilla ₦6,525 ke nan.

Lokacin oda mai ragi kullum daga 12 na rana zuwa 4 na yamma ne. Muna karɓar oda bayan 4 in akwai saura amma ba ragi, kuma ba mu yi alkawarin za ta iso kafin magariba ba. Abin da muke dubawa shi ne lokacin da alat ya shigo mana, ba lokacin da aka fara hira a wasap ba, wanda ya yi magana ƙarfe 2 ya ce "yanzu zan tura" sai biyar saura ya tura to ya fita. In natwok ɗin banki ne ya riƙe kuɗin, ku turo rasit ɗin tiransifa da ke nuna lokaci, in dai kafin 4 ne za mu ba ku raginku ba gardama. Biya a bakin ƙofa, kuɗi hannu ko kati, babu ragi a kansa.

Wajen biya akwai ɗan akwati, ku rubuta `AZUMI15` a ciki, ku tabbata kun ga kuɗin ya sauka kafin ku danna biya. In bai sauka ba kar ku biya, ku kira lambar da ke saman menu a duba maku. Wanda ya manta bai saka ba har ya biya, ba ma iya mayarwa daga baya, wannan ma mun sha fama da shi.

Lambar waya ɗaya oda ɗaya a rana, gobe kuna iya sake yi har zuwa ranar ƙarshe. Ba a haɗa shi da katin kwastoma mai hatimi goma, ɗaya za ku zaɓa. Wanda ya zo ya zauna ya ci a shago ko ya zo ya karɓa da kansa shi ma ba ya ciki, na masu odar kai wa gida ne.

Masu sayen na sadaka, masallaci ko asibiti ko gidan marayu, daga ƙunshi 10 zuwa sama kar ku bi ta nan, iyakar ₦3,000 ɗin za ta cuce ku. Ku kira manaja da kwana ɗaya a gaba, akwai farashinku daban kuma ya fi wannan sauƙi, Allah ya saka da alheri.

Su Hajiya da su Alhaji da suka yi oda tsakanin 1 zuwa 9 ga Maris bisa tsohon saƙon aka caje su cikakken kuɗi, ku turo rasit kafin Asabar 15 ga Maris ƙarfe 4 na yamma, ko me kuka saya a lokacin za mu cire maku kashi 15 ɗinsa a odarku ta gaba, tunda mu ne ba mu yi bayani ba.

Yaranmu masu kai oda ba su da ikon ragewa ko ƙarawa, abin da ke jikin takardar shi ne, don Allah kar a tsare su a ƙofa su ma da azumi a bakinsu kuma akwai gidajen da ke jiransu. Duk ƙorafi a kira shago.

Ragi ya ƙare Alhamis 27 ga Maris 2025, ƙarfe 4:00 na yamma. A sha ruwa lafiya.