Lalita: Tura Kuɗi a Waya

Sunan manhaja (gurbi 24 cikin 30)

```
Lalita: Tura Kuɗi a Waya
```

Ƙaramin take (gurbi 26 cikin 30)

```
Kati, data, wuta da adashi
```

Kalmomin nema (gurbi 100 cif)

```
kudi,banki,asusu,naira,taransifa,alat,pos,nepa,mita,ajiya,ciniki,kasuwa,biya,canji,albashi,rasit,bvn
```

Saƙon talla

Sabon abu: adashi ya shigo Lalita. Ku haɗa 'yan zubinku, manhaja ta riƙe lissafi, ranar kwasa kuɗi ya faɗa asusun mai rabo.

Bayani

Ka sayi atamfa a Kantin Kwari, ka tura kuɗi, mai shago yana ta duba wayarsa yana cewa "Alhaji, ban ga alat ba." Kana tsaye, yana tsaye, mai adaidaita yana maka hon. Don irin wannan tsayuwar muka yi Lalita.

Kana rubuta lambobi 10 na asusun mutum, sunansa zai fito ɓaro-ɓaro tun kafin ka danna komai. Idan kuɗi ya shiga, za ka sami rasit mai ɗauke da lokaci da lambar shaida, ka nuna masa ko ka aika masa. Idan kuma bankin da za ka tura wa yana fama da matsalar sabis, za mu gaya maka tun da wuri, kada kuɗinka ya maƙale a hanya.

Katin waya da data na MTN, Airtel da Glo duk suna ciki. Wuta ta ɗauke da tsakar dare don mita ta cinye? Biya KEDCO daga kan gado, lambobi 20 su zo maka nan take. Muna ajiye su a manhajar, ko ka goge saƙon ba su ɓata ba.

Uwar adashi kuwa ta huta da littafin da yara suke yagewa. Kowa yana ganin wanda ya zuba da wanda ya rage, da wanda kwasa ta zo kansa. Wanda ya makara, Lalita ce za ta tuna masa, ba sai an aika yaro gidansa ba.

Buɗe asusu na buƙatar lambar waya da BVN ko NIN. A matakin farko za ka iya ajiye har ₦300,000. Mai son fiye da haka sai ya ƙara katin shaida da adireshi. Komai da Hausa yake, har masu amsa kira.

Babu ma'aikacinmu da zai taɓa tambayarka lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Duk wanda ya kira ya nema, kashe wayar.