Sashe na 9: Riƙe mallakar kaya har a gama biya, da abin da zai biyo baya idan Mai Saye ya karye

9.1 Buhu 600 na shinkafa mai kilo 50 da Mai Sayarwa zai ɗora a Garwa, a sauke a siton Mai Saye da ke Marwa, a kan sefa 21,000 kowane buhu, jimla sefa 12,600,000, suna nan a matsayin dukiyar Mai Sayarwa har ranar da kuɗinsu ya shiga hannunsa cif. Kafin alƙalami na sefa 3,600,000 da aka bayar bai mayar da mallakar ko buhu ɗaya ga Mai Saye ba. Ragowar sefa 9,000,000 za a biya ta kashi uku daidai, a ranakun 30 ga Afrilu, 31 ga Mayu da 30 ga Yuni 2026, kuma ba a lissafa cek a matsayin biya sai banki ya saki kuɗin.

9.2 An ƙulla wannan sharaɗi a rubuce kafin a sauke kaya, bisa sashe na 72 zuwa na 78 na dokar jingina da lamuni ta shekarar 2010 ta OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka. Mai Sayarwa zai shigar da shi a rajistar kasuwanci ta RCCM, domin sai da rajistar ne sharaɗin yake hawa kan sauran masu bin Mai Saye bashi, kuma Mai Saye zai sa hannu a duk takardar da ake buƙata cikin kwana 7.

9.3 Ko da yake mallaka ba ta koma gare shi ba, asarar gobara, sata ko jiƙewa tana wuyan Mai Saye tun daga ranar sauke kaya. Zai jibge buhunan gefe guda da alamar Mai Sayarwa a jikinsu, kuma ba zai jinginar da su ga kowa ba. An yarje masa ya sayar da su ga 'yan kiri kamar yadda aka saba a harkar sari, amma haƙƙin Mai Sayarwa yana komawa kan kuɗin da masu sayen ba su riga sun biya ba, haka nan kan diyyar inshora idan kayan sun salwanta.

9.4 Idan Mai Saye ya kai ga kasa biyan basussukan da lokacinsu ya yi, ko kotu ta buɗe masa shari'ar farfaɗo da kasuwanci ko ta karkasa dukiya kafin ya gama biya, zai sanar da Mai Sayarwa a rubuce cikin kwana 3, kuma izinin sayarwa da ke 9.3 ya faɗi daga wannan rana. Shinkafar da ta rage ba ta cikin dukiyar da za a raba wa masu bin bashi, kuma Mai Saye zai bayyana haka lokacin ƙidayar kayan sito, ya nuna wa sindik, wato wakilin da kotu ta naɗa, kwafin wannan yarjejeniya da takardun sauke kaya.

Da zarar kotu ta buɗe shari'ar, Mai Sayarwa ba zai turo mota ya kwashe kaya da ƙarfin kansa ba. Zai nemi a maido masa da su ta hannun sindik cikin kwana 90 daga bugu na biyu na hukuncin a jaridar sanarwar shari'a, kamar yadda sashe na 101 na dokar OHADA ta 2015 kan shari'ar waɗanda suka karye ya tanada, idan kuwa sindik ya ƙi ko ya yi shiru, zai kai maganar gaban alƙalin da ke kula da shari'ar. Idan buhunan sun cakuɗe da wasu, haƙƙinsa yana kan shinkafa mai iri ɗaya da inganci ɗaya da aka tarar a siton, gwargwadon bashin da ya rage kawai. Ba za a ɗauki kaya ba idan aka biya ragowar kuɗin gaba ɗaya nan take.

9.5 Darajar kayan da aka karɓo za a cire ta daga ragowar bashin. Idan ta zarce bashin, Mai Sayarwa zai mayar da rarar. Idan ta gaza, zai bi cikon a sahun sauran masu bin bashi, kuma saboda haka zai gabatar wa sindik da bashinsa cikin kwana 60 daga wancan bugu na biyu, ba tare da jiran sakamakon neman kayan ba.