Amsa a kan Alhajin da ka turo mai yawan fararen ƙwayoyin jini

Maraɗi, 14 ga Nuwamba, 2024

Ɗan'uwa Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Na gode da turo mini Alhaji, dillalin ayan nan na unguwar Zariya mai shekara 46, tare da takardun awonsa gaba ɗaya. Na gan shi ranar 24 ga Oktoba, ya dawo jiya da ƙanensa bayan sakamakon da muke jira daga Yamai ya iso.

Bari in fara da amsar tambayarka: ba ƙwayar cuta ce ke ɗaga masa fararen ƙwayoyin jini ba. Sankarar jini ce mai tafiyar hawainiya, wadda za ka gani a takardunsa da sunan LMC, kuma tana matakin farko. Kada a ƙara masa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda wannan adadi.

NFS ɗinka uku, wato awon ƙirgar ƙwayoyin jini, sun nuna fararen ƙwayoyi 41,000 a Agusta, 58,000 a Satumba, 73,000 a Oktoba, alhali lafiyayyen babba ba ya cika wuce 10,000. Da a ce na Agusta kaɗai na gani, lokacin da damina ke tsaka kuma awon masassarar cizon sauro ya nuna akwai, da ni ma abin da ka yi zan yi. Sai dai masassara ta tafi, adadi bai sauka ba, ya ci gaba da hawa a jikin mutumin da ke zuwa kasuwa kullum. Ya ce mini ya yi kusan wata biyar yana ƙoshi da loma kaɗan, yana jiƙa riga da zufa da dare, ya kuma ƙara wa wandonsa ɗauri. Saifarsa ta sauko santimita 7 ƙasa da haƙarƙarin hagu, da tauri, ba ciwo. A kanta akwai sababbin tabon tsaga guda shida da wanzami ya yi masa. Na roƙe shi kada a sake. Babu kaluluwa a wuya ko hamata, hanta ba ta kumbura ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne jinin da na shafa a gilashi na duba da kaina. Na'ura adadi take bayarwa, ba ta nuna kamannin ƙwayar. A ƙarƙashin madubi na ga ƙwayoyin da ya kamata su kasance cikin ɓargo sun fito cikin jini, daga ɗanye har nunanne, kowane mataki da wakilinsa. Bazofil kashi 6 cikin ɗari, eyozinofil ma sun ƙaru, bilas kashi 2 kacal. Idan ƙurji ne a ɓoye ko tarin fuka ke tunzura ɓargo, bazofil ba sa yawa haka, kuma ƙwayoyin kan nuna alamun yaƙi da cuta, wanda ban gani ba a nan. Hemogulobin 10.6, falaket 540,000. Hoton ƙirji lafiya lau. Na kuma tambaye shi, ba sau ɗaya ba, ko yana shan ƙwayoyin ƙiba ko na ciwon gaɓoɓi irin na masu talla, domin deksametazon da ke cikinsu na ɗaga fararen ƙwayoyi. Ya ce bai taɓa ba, kuma ko ya sha ba zai kai shi 73,000 da wannan saifa ba.

Awon PCR ya tabbatar da BCR-ABL1. Ka tuna wannan shi ne abin da ke samuwa idan kuromozom na 9 da na 22 suka yi musayar yanki, kuma gajeren kuromozom ɗin da ke fitowa daga haka a Filadelfiya aka fara ganinsa a 1960. Zan ɗebi ɓargonsa mako mai zuwa don duba kuromozom ɗin kansu, amma magani ba zai jira wannan ba.

Tun ganin farko na sa shi a kan hidiroksiyuriya da alofurinol 300 mg, da shan ruwa da yawa, saboda rugujewar ƙwayoyi na tara yurik asid har ta taɓa ƙoda. Jiya adadin ya sauko 22,000. Hidiroksiyuriya yankan ciyawa ce kawai, saiwar na nan. Saboda haka daga yau na tsayar da ita, ya fara imatinib 400 mg sau ɗaya a rana, a tsakiyar cin abinci, da babban kofi na ruwa. Alofurinol ya ci gaba har adadin ya daidaita. Awon ciwon hanta nau'in B da na sida duk babu komai. Na yi na hantar ne da gangan, don wannan magani na iya tayar da ita idan tana kwance. Tun 2001 da imatinib ya fito labarin wannan cuta ya sauya, mafi yawan masu shan sa kullum suna shekara da shekaru cikin harkokinsu.

A nan ne nake buƙatarka fiye da ko'ina. Cikin wata ɗaya ko biyu saifa za ta koma, ƙarfi zai dawo, Alhaji zai ji ya warke. Mutum ne mai yawan tafiya Jibiya da Kano, kuma na lura ƙanen ya fi shi damuwa da maganar. Wanda ke tsallake magani shi ne cutar ke bijire masa, ta juye zuwa mai tsanani wadda maganinta ke da matuƙar wuya. Kai ne suka sani, maganarka ta fi tawa nauyi a gidan. Duk zuwan da zai yi ya taho da kwalin, a ƙirga abin da ya rage. Na ba shi na wata biyu, na kuma cika masa takardun neman shiga shirin tallafin da ke ba da maganin kyauta, domin saye daga aljihu zai cinye jarinsa. Kada ya sayi wani a kasuwa ko a kan iyaka. Idan azumi ya zo, ya sha bayan buɗa-baki.

Ka yi masa NFS duk mako biyu har ta daidaita, awon hanta da ƙoda duk wata. Idan nitirofil suka faɗi ƙasa da 1,000, ko falaket ƙasa da 50,000, ka dakatar da maganin ka buga mini waya a ranar. Kumburin fatar ido da safe, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka da ɗan ƙaiƙayi sukan zo, ba su isa a daina ba. Farasetamol kaɗan kaɗan. Rifamfisin, karbamazefin, fenitoyin da fenobarbital suna rage ƙarfin imatinib sosai. Idan ɗayansu ya zama dole, mu yi shawara tukuna. Haka ma jiƙe-jiƙen gargajiya, na san za a kawo masa su, ka tambaya da lalama.

Ka turo shi nan take, ko da dare ne, idan ya yi zazzaɓi mai zafi, zubar jini daga hanci ko dasashi, ciwon ƙashi, dishi-dishin gani, sarƙewar numfashi, ciwo mai tsanani a gefen saifa, ko tashin gaba mai ciwo da ya ƙi kwanciya. Wannan na ƙarshe kunya za ta hana shi faɗa, shi ya sa na gaya masa a keɓe.

Na faɗa masa sunan cutar a fili, shi ya nemi haka. Tambayarsa ta farko ita ce ko ƴaƴansa za su gada, ko matansa za su ɗauka. Na ce a'a ga duka biyun, kuma babu buƙatar a yi wa iyali awo. Bai so mahaifiyarsa ta sani ba tukuna, sai ka kiyaye idan ta zo wurinka.

Zan maimaita PCR bayan wata uku, muna son ganin kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa, sannan kashi 1 a wata shida, kashi 0.1 a shekara. Zai dawo wurina ranar 21 ga Nuwamba don ɗibar ɓargo. NFS ta farko a wurinka ranar 28, ka aiko mini da hotonta ta waya da zarar ta fito.

Wassalam,
Abokin aikinka,
Likitan cututtukan jini, Maraɗi