Gabatar da kanmu: ɗinkin kayan ma'aikata

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Da fatan kana lafiya, ya aiki?

Ba ka san mu ba tukuna. Ni ce shugabar wani ƙaramin shagon ɗinki, mu shida ne, shekararmu huɗu muna ɗinka kayan ma'aikatan otal da gidajen abinci.

Na ji za ku buɗe sabon reshe wata mai zuwa, shi ya sa na rubuto. Mukan zo da kanmu mu auna kowane ma'aikaci, mu ninka ɗinki a aljihu da hammata, don nan riga ke fara yagewa. Riga talatin kan ɗauke mu kwana goma.

In ka amince, zan kawo samfuri biyu ranar Talata, ka taɓa yadin da hannunka. Minti goma ya ishe ni.

Na gode ƙwarai. A huta lafiya.

Shugabar shago