Ta'aziyya ga Maman Khalifa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƙanwata Zainab.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Hajiya, ya gafarta mata, ya sa ta huta, ya haskaka kabarinta. Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Allah ya ba ki dangana, ke da Yaya Auwalu da Nafisa da sauran 'yan'uwa, ya kuma kyautata namu bayan nata.

Tun jiya nake kiran wayarki. Da ta shiga, Nafisa ce ta ɗauka, ta ce kina ɗaki da baƙi, muryarki ma ta dushe. Na ce kada ta taso ki. Na so in yi miki saƙon murya, amma da na fara sai maganar ta ƙi fita, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba sai kin amsa ba. Idan kin samu sarari ki karanta, idan ba ki samu ba ki bar shi har gidan ya sarara.

Kin san ina nan Maiduguri wajen jegon Ummi. Labarin ya same ni da asubahin Laraba, an ce za a yi jana'iza ƙarfe 10 a ƙofar gida a Gwammaja. Ko da na shiga motar farko, kafin mu wuce Damaturu an riga an kai ta. Malam Habu ne ya kira ni bayan sun dawo daga Dandolo, ya ce sahu ya cika layinku har ya fita titi, masu shaguna sun rufe sun bi. Ban yi mamaki ba. Kyakkyawar shaida irin wannan ba a sayen ta da kuɗi, kuma Hajiya ta daɗe tana tara ta.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne kular nan mai ruwan ƙasa da kike shigowa da ita ofishin malamai bayan kowace Babbar Sallah. Dambun nama, an ƙulla shi leda-leda, kowace da mai ita. Hajiya ba ta yi boko ba, ba ta rubuta suna, amma ta san ta wane ce wannan: mai ƙulli biyu ta Madam Grace ce saboda ba ta cin yaji, babbar kuma ta Baba Isa mai gadi ce saboda yana da yara. Mu da muke aiki tare da shi kullum ba mu taɓa tambayar yaransa nawa ba, ita ta tambaya. Ranar da na je duba ta a asibiti, ana ƙara mata ruwa, hannun duk ya kumbura, abin da ta fara ce mini shi ne, "Malama, ya mai cikin nan taki? Ki ce ta rage hawa babur." Ga shi Ummi ta sauka lafiya, ban kai ga kawo mata jaririn ta sa masa albarka ba.

Zainab, kin yi jinya. Mun gani da idonmu. Kin sha zuwa aji da kayan da kika kwana da su a asibiti, ki koyar da darasinki, ki koma. Idan zuciya ta fara kawo miki "da na sani", da na kai ta wani asibitin, da ban tafi gida a daren ba, ki kore ta. Lokacin da 'yar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta aika masa cewa ɗanta na gargara, saƙon da ya mayar mata shi ne: na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, kuma komai a wurinsa yana da ajali abin ambato, sai ta yi haƙuri ta nemi lada. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ban da wata magana da ta fi wannan da zan faɗa miki.

Kuma kada kowa ya hana ki kuka. Na san halin gidan makoki, kina fara hawaye wata za ta ce ki daina, kina ƙona ta. Shi kansa Manzon Allah ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, ke kuwa ba halinki ba ne. Ki riƙa maimaita addu'ar da Ummu Salama ta koya: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Uwa ba ta da madadi, na sani, nawa rashin ya shekara goma sha amma har yau idan na dafa miyar kuka sai na tuna hannunta. Sai dai Allah yana da hanyoyin mayar da alheri da ba mu san su ba.

Akwai wata magana da ba na so ta kwana a ranki, don Nafisa ta ce kin buɗe guruf ɗin malamai kin gani. Dariyar nan, 😂, da ta fito a ƙarƙashin sanarwar rasuwar, Baba Isa ne ya danna ta. Wallahi bai san dariya ba ce. Ya ga hawaye a fuskar, ya ɗauka kuka ne. Kin san idan mutum ya danne saƙo a WhatsApp, alamomi shida ne suke fitowa a jere, 👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏, fuska ɗaya ce kawai tsakanin mai dariya da mai hawaye, shi kuma ga ƙaramar waya, ga ido ba tabarau. Da Malam Habu ya nuna masa, ya cire ta nan take, ya zauna a bencinsa ya rasa abin cewa. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya ce kunya ta hana shi shigowa cikin gida ya yi miki gaisuwa, ya roƙe ni in ba ki haƙuri. Idan kun haɗu ki fara yi masa magana, zai samu sauƙi.

Wannan abin ne ya sa na tsaya tunani kafin in turo miki nawa saƙon, ko in sa imoji ko kada in sa. Ke kin san ni, ko "ina kwana" na rubuta sai na jera furanni. Na duba abin da mutane suka sa a guruf: 😭 a jere har layi biyu, 💔, kurciya, kyandir. Ban zargi kowa ba. Wasu ba su iya tsara magana ba, wasu suna cikin aji suka ga labarin, suka danna abin da ya zo hannu. Madam Grace ta sa 🙏, kuma na tabbata da gaske addu'a take yi, ita ce ma ta fara kuka a ofis. Amma 😭 ɗin nan, da ita yaranmu suke amsa abin dariya, da ita muke kukan tsadar shinkafa. Ban ga yadda zan ɗauko abin da na tura wa Ummi shekaranjiya a kan hoton jariri yana hamma in ɗora a kan rasuwar Hajiya ba.

Wadda na daɗe a kanta ita ce 🤲. Ita kam tamu ce, tafuka biyu a buɗe kamar yadda muke ɗaga hannu, kuma ba wanda zai yi mata wata fassara. Sai a 2017 ma aka ƙara ta cikin imoji, kafin nan da 🙏 kowa yake maneji. Har na sa ta a ƙarshen addu'ar farko, sai na goge. Dalilina shi ne wannan saƙon ba naki ba ne ke kaɗai. Ina so ki karanta wa Gwaggo Asabe da Inna Talatu, ko ki ba Nafisa ta karanta musu, su ji cewa abokan aikinki sun san wacece 'yar'uwarsu. Abin da za a karanta a bayyane a gaban dattawa kuwa, me mai karatu zai ce idan ya iso kan hoton hannu? Addu'a idan an karanta ta, ɗakin zai amsa da amin, Hajiya ta samu. Don haka waɗanda kika gani a sama na kawo su ne don in yi miki bayani, a cikin ta'aziyyata babu ko ɗaya. Na kuma roƙi Malam Habu, tunda shi ne mai kula da guruf, idan aka sake yin rashi a sa a ƙarƙashin sanarwa cewa a rubuta addu'a ko da layi ɗaya ce.

Batun makaranta, ki cire shi daga ranki. Shugaba ta ce ki zauna har a yi bakwai, idan kina buƙatar ƙari ki faɗa. Malam Nura ya karɓi aji biyar, Madam Grace ta karɓi aji huɗu. Takardun gwajin da ke cikin durowarki ni zan yi makin su idan na dawo, ki gaya wa Nafisa inda makullin yake. Zubin adashenki na wannan wata an rufe shi, kada ki tambayi wa ya rufe. Gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci malamai mata za su shigo da abinci, tuwo da miyar taushe da kunun gyaɗa na su Gwaggo, kada a ɗora tukunya a gidan. Sunna ce, tun ranar da aka ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Ɗan abin da aka tara yana hannun Malam Habu, zai damƙa wa Yaya Auwalu.

Ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ki sha maganinki na hawan jini, na san ki da mantuwa idan hankalinki ya tashi. Ki ja Khalifa a jiki, shi ma kakarsa ya rasa, kuma yara ba sa faɗa. Idan komai ya lafa, mu zauna mu yi maganar abin da za a yi mata na sadaka mai gudana. Ta sha yin zancen matsalar ruwa a islamiyyar layinku, ina ganin daga nan za a fara, kuma ina ciki.

Ana yin suna ranar Asabar, Lahadi da sassafe in sha Allahu zan kamo hanya. Idan mun wuce Potiskum da wuri, zan sauka gidanku kafin magariba, kafin ma in je nawa. Ki isar mini da gaisuwa wurin Baban Khalifa da Yaya Auwalu da su Gwaggo. Ummi da maigidanta suna yi muku ta'aziyya.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya haɗa ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi.

Antinki,
Hadiza