Bankwana da Malam Isiyaku, akawun dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhaji mai rumfa, dattawan da ke zaune, 'yan dako, direbobin da suka jinkirta tashi don su tsaya da mu, ina gaishe ku.

Da Alhaji ya kira ni shekaranjiya ya ce ni zan yi magana a madadin akawuna, sai na ce masa akwai waɗanda suka fi ni sanin Malam Isiyaku nesa ba kusa ba. Ya ce ai teburi ɗaya muke zama. Gaskiya ne teburi ɗaya ne, kujera ɗaya ce, littafi ɗaya ne, amma ba mu taɓa zama a lokaci ɗaya ba. Malam yana karɓar aiki bayan Isha'i, lokacin da motocin albasa ke fara shigowa kasuwar Mil 12 a nan Legas. Ni kuwa sai na yi Asuba a Agege, na hau danfo, na sha cunkoson Ojota da Ketu, in Allah ya taimaka na iso ƙarfe bakwai da wani abu. Yawanci nakan same shi a tsaye, ya riga ya saɓa jakarsa. "Ina kwana, Malam?" "Lafiya lau, Bashir. Ga littafi." Tun watan Agusta na 2022 da na fara aiki a rumfar nan, in aka tara duk maganar da muka yi baki da baki, ba na jin za ta cika yini guda.

Malam, saboda haka ba zan tsaya gaban mutane in ce mun shaƙu ba, ko in ce ka zame min uba, don ka san ba haka ba ne, kuma irin wannan yabo shaidar zur ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Ban san gidanka ba. Ban san 'ya'yanka nawa ba. Sai makon jiya na ji cewa mutumin Yawuri ne kai, alhali duk tsawon lokacin nan ina ɗaukarka Basakkwace saboda harshenka. Abin da na sani shi zan faɗa, kuma kusan dukkansa daga littafin shigar kaya na san shi.

Wanda bai yi aikin albasa ba ba zai gane abin da littafin nan yake nufi ba. Mota ta taso daga Aliero ko Goronyo, ta bi Kontagora, ta haye gadar Jabba, ta ratsa Ilori da Ogbomosho da Ibadan, kwana biyu ko uku a hanya, wani lokaci fiye in ta lalace ko ruwa ya tare ta. Cikin mota ɗaya akwai kayan mutum goma, kowa da alamarsa a jikin buhu. Ana sauke su cikin duhu, da hayaniya, direba yana son ya sami wuri ya kwanta, 'yan dako suna sauri don wata motar na jira. Duk abin da akawun dare ya rubuta a wannan hali, shi akawun rana zai tsaya a kai gaban dillali da mai saye. In ya yi kuskure, ni za a zaga da rana tsaka, shi yana can yana barci.

Ba a taɓa zagina saboda rubutunka ba, Malam. Ko sau ɗaya.

Ba lamba kaɗai kake bari ba. A gefen shafi kakan ja layi ka rubuta abin da lamba ba za ta faɗa ba. Na kwafo ɗaya daga damina ta bara, don in karanta shi yadda ka rubuta: "Buhu bakwai na mai jan fenti sun sha ruwa a hanya, tamfal ya yage. Na ware su gefen gabas, na sa an buɗe bakinsu. A fara sayar da su kafin azahar." Mai kayan nan yana can Kebbi, bai san sunanka ba, bai san cewa da an jibge jiƙaƙƙun buhunan nan cikin sauran, a zafin Legas da laimarta, da ruɓa ta bi su duka ba. Ni na sayar da su, ni ya kira ya yi wa godiya. Na gaya masa aikin akawun dare ne, amma ban taɓa zuwa na gaya maka ya gode ba. Yau na isar da saƙon.

Akwai kuma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace a hannun mutane. Kowa a nan ya tuna. Mai saye ya zo da kuɗi a waya, taransifa ta maƙale, ɗan dako kuwa ba ya cin alkawari, a hannu yake karɓa ya sayi abincin ranar. Wata safiya na buɗe littafi na ga ka ware shafuka biyu a baya, ka jera sunan kowane ɗan dako da ya sauke kaya a daren, Bahaushe da Bayarabe, buhu nawa ya ɗauka, nawa aka ba shi, nawa yake bin rumfa. Wanda ba ka san sunansa ba ka siffanta shi: mai tabo a goshi, mai jar hula, yaron Iya mai koko. Ba wanda ya sa ka. Makonni aka yi a haka, kuma da kuɗi suka fara samuwa, da shafukan nan aka biya kowa ba tare da an ɗaga murya ba. Wasu daga cikinsu ga su nan zaune, su ne shaida.

Abu na uku nawa ne ni kaɗai, kuma Alhaji yau zai fara jin sa. A watannin farko na aikina, wata rana na rubuta 214 a inda ya kamata in rubuta 241. Buhu ashirin da bakwai ke nan suka ɓace a takarda, ga ni sabon zuwa, ba wanda ya san halina tukuna. Ko ban faɗa ba kun san abin da za a fara zato. Da safe na tarar da ɗan ƙaramin rubutu da fensir a ƙarƙashin lambar: "Na ƙirga sau biyu, 241 ne. Duba ka gyara da hannunka." Ba ka goge ba, ba ka kai ƙara ba, kuma da muka haɗu a bakin rumfa ba ka ce min komai ba sai "ga littafi". Na gyara, na goge fensirin. Kunya ta hana ni yi maka godiya a ranar, daga baya kuma sai na ga kamar lokaci ya wuce. Bai wuce ba. Na gode, Malam. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa min.

Sau ɗaya tak na ga ka rubuta abin da bai shafi kaya ba. Ƙarshen watan Mayu na 2025 ne, da ambaliya ta afka wa Mokwa, motoci suka tsaya a hanya, rumfa ta kwana babu abin saukewa. Shafin daren nan fari ne fat, sai layi ɗaya a ƙasa: "Babu mota. Allah ya jiƙan mutanen Mokwa." Na daɗe ina kallon layin. Na yi niyyar in tambaye ka ko kana da wani a can, sai na iso a makare, ka riga ka tafi, washegari kuma kaya suka yi yawa.

A nan ne nake da abin faɗa game da mu duka, ba Malam kaɗai ba. Muna cewa Legas ce ta hana mu zumunci, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutumin da zai kashe awa biyu a mota kafin ya iso wurin aiki, ya kashe wasu biyun kafin ya koma, ba ƙarfin hira yake da shi ba. Amma minti goma nake samunka a tsaye kowace safiya, ga mai shayi a bakin ƙofa. Ni ne ƙarami, ni ya kamata in ce ka zauna mu sha. Ban yi ba. Na lura tun bara rubutunka ya fara girma, lambobin suna cin layi biyu, har ka koma biro mai kaurin baki. Na ɗauka sauri ne. Sai da Alhaji ya ce idanu ne suka gaji da aikin fitila, shi ya sa za ka koma gida, sannan na gane shekara guda ina kallon ciwonka kullum a takarda ban ce maka sannu ba. Wannan ya tsaya min a rai, kuma a kansa nake neman ka yafe min kafin komai.

Sauran kuma, in akwai ranar da na bar maka teburi a hargitse, ko na tafi da makullin akwati a aljihu ka sha wahala cikin dare, wanda na san ya faru aƙalla sau biyu, ka yafe. Ni ba ka yi min komai ba sai alheri, in ma akwai wanda ban sani ba na yafe duniya da lahira.

An ce shekara goma sha tara ka yi a kasuwar nan. Ba ni da ikon ba da labarinsu, dattawa za su yi bayana. Uku da 'yan kai na gani, su ma ta gefe ɗaya. Wanda zai gaje ka, Nura, ga shi can. Na ce masa kafin ya fara, ya zauna ya karanta tsofaffin littattafan da ke cikin akwati, musamman gefen shafi, don a nan zai ga yadda ake barin aiki ga mutumin da zai zo bayan ka tafi.

Mu akawuna da 'yan dako mun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa: yadin shadda, da rediyo mai caji da hasken rana, da ambulan da Alhaji zai miƙa maka, wanda muke roƙon a fara da shi wajen ganin likitan ido. Ni kuma na sa sabon littafi guda a cikin ledar. Na ji gona za ka koma, a bakin Neja, kuma mutum irinka ba zai iya zuba taki ko auna shinkafa bai rubuta ba. A shafin farko na rubuta lambar wayata da manyan baƙi. Motocinmu ta Yawuri suke bi duk mako. In ka ga dama ka aiko da saƙo ta hannun direba, ko ka kira, ina so in ji yadda idon yake, ina so kuma in san sunayen 'ya'yan nan da ban tambaya ba.

Motar Malam Garba za ta tashi gobe bayan Asuba, ya ce ya ajiye maka gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ku lafiya, ya sa ka iske iyali lafiya. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa albarka a noman, ya sa abin da ka tara a Legas ya zama mai amfani gare ka da zuriyarka. Gobe zan zo da wuri, in sha Allah, kafin ku tashi. Na riga na gaya wa mai shayi ya ajiye mana benci.

Wassalamu alaikum.