Tsanin Kwadiratik: Daga x² = 49 Zuwa Kajin Malam Audu

Ɗaliban aji shida, na duba takardunku na gwajin Alhamis. Fomula kam kusan kowa ya haddace ta kamar karatun allo, amma makin sai zubewa yake yi a ƙananan wurare: an manta alamar ɗebewa, an jefar da amsa guda, an yanke lamba tun ba a kai ƙarshe ba. Shi ya sa na wargaza babin kwadiratik na sake jera shi hawa-hawa. Ku rufe aikina da hannu, ku gwada da kanku, sannan ku buɗe. Wanda ya faɗi a wani mataki kada ya haura na gaba.

Mataki na 1. Warware x² = 49.

x = 7 ko x = −7, domin (−7) × (−7) ma 49 ne.

Kuskure: a rubuta 7 kaɗai a wuce. Daga yau, duk inda ka ɗauki sukwaya-rut da hannunka wajen warware ikweshon, sa ± a gabansa.

Mataki na 2. Warware x² = 5x.

A kwaso komai gefe ɗaya: x² − 5x = 0. A fitar da x waje: x(x − 5) = 0. Abu biyu in aka ninka su aka sami sifili, dole ɗayansu sifili ne. Ke nan x = 0 ko x = 5.

Kuskure: a raba ɓangarorin biyu da x a ce x = 5. Ai ka raba da abin da ba ka san ko sifili ba ne, ga shi kuwa sifilin na cikin amsoshin. Ka zubar da rabin amsarka da hannunka.

Mataki na 3. Warware x² + 2x − 15 = 0.

Muna neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da −15, in an tara su kuma su ba da 2. Su ne 5 da −3.

(x + 5)(x − 3) = 0
x = −5 ko x = 3

Kuskure: a kwafo lambobin cikin baka yadda suke, a ce 5 da −3. Gwada 5 ka gani: 25 + 10 − 15 = 20, ba sifili ba. Daƙiƙa goma wannan gwajin yake ci.

Mataki na 4. Warware (x − 2)(x − 3) = 12.

A nan zan ɗan tsaya, domin tarko ne, kuma har manyan ajin ya kama. Wata ɗaliba, mai ƙoƙari ce kuwa, ta rubuta x − 2 = 12 ko x − 3 = 12, ta sami 14 da 15. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Malam, ai haka muka yi a na baya." Gaskiyarta, haka muka yi, amma a na baya sifili ne a hannun dama. Wannan doka ta sifili ce shi kaɗai. Goma sha biyu na iya fitowa daga 3 × 4, ko 2 × 6, ko 24 × ½, babu wanda ya ce dole ɗayan biyun ya zama 12.

Sai a buɗe bakan tukuna:

x² − 5x + 6 = 12
x² − 5x − 6 = 0
(x − 6)(x + 1) = 0
x = 6 ko x = −1

Gwaji: 4 × 3 = 12, kuma (−3) × (−4) = 12.

Mataki na 5. Warware 6x² − 7x − 3 = 0.

Yanzu x² ya ɗauko lamba a gabansa. A ninka ta farko da ta ƙarshe: 6 × (−3) = −18. Lambobin da ninkinsu −18, jimlarsu −7, su ne −9 da 2. Da su za a tsaga na tsakiya:

6x² − 9x + 2x − 3 = 0
3x(2x − 3) + 1(2x − 3) = 0
(2x − 3)(3x + 1) = 0
x = 3/2 ko x = −1/3

Kuskure: a ga −9 da 2 a ruga a rubuta (x − 9)(x + 2). Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne kawai in x² ba ya ɗauke da kowa a gabansa. Wasu kuma sukan manta 1 ɗin nan na layi na biyu, sai baka na biyu ya zama 3x tsurarsa.

Mataki na 6. Warware 2x² + 8x − 3 = 0 ta hanyar cike sukwaya, amsa zuwa gurbi biyu bayan ɗigo.

Hanyar nan tsohuwa ce. Al-Khwarizmi ya yi bayaninta da zanen murabba'i a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma daga sunan littafinsa kalmar aljabara ta fito. Fomular da kuke ji da ita ma daga nan aka haife ta.

A raba komai da 2, a tura lamba dama: x² + 4x = 3/2
Rabin 4 shi ne 2, sukwayarsa 4. A ƙara wa kowane gefe: x² + 4x + 4 = 3/2 + 4
(x + 2)² = 5.5
x + 2 = ±2.3452
x = 0.35 ko x = −4.35

Kuskure iri biyu ne: a fara ɗaukar rabin 8 ba a raba da 2 ba, ko a ƙara 4 a hagu a hana dama. Kuma in tambaya ta ambaci hanyar da take so, ita za ka bi. Ka kawo amsa daidai ta fomula, mai maki ba zai ba ka makin hanya ba.

Mataki na 7. Warware 3x² − 5x − 4 = 0, zuwa gurbi biyu bayan ɗigo.

"Gurbi biyu" alama ce cewa ba za ta tsagu da daɗi ba, kada ka ɓata lokaci. Rubuta a = 3, b = −5, c = −4 a fili kafin komai.

x = [−b ± √(b² − 4ac)] / 2a
b² − 4ac = 25 + 48 = 73
x = (5 ± 8.5440) / 6
x = 2.26 ko x = −0.59

Nan ne kalkuleta ke cin amanar mutane. Ka danna `-5²` ta ba ka −25, domin sai ta gama sukwaya take sa alamar. Daga nan sai ka ga 23 a ƙarƙashin rut maimakon 73. Danna `(-5)²` da bakansa. Sauran kurakuran: −b ya zama −5 alhali 5 ne, layin rabawa ya tsaya ƙarƙashin rut kaɗai ya bar 5 a waje, a yanke √73 zuwa 8.5 tun da wuri, sai amsa ta fito 2.25. Riƙe gurbi huɗu, ka yanke a layin ƙarshe.

Ga awo mai sauri: jimlar amsoshin biyu dole ta zama −b/a. A nan 5/3 ne, wato 1.67, kuma 2.26 − 0.59 = 1.67.

Mataki na 8. Kewayen wani shago mai kusurwa huɗu daidaitattu mita 34 ne, daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta kuma mita 13. Nemo tsawo da faɗi.

Zana shi tukuna. Tsawo x, faɗi y. 2x + 2y = 34, wato y = 17 − x. Dokar Pythagoras ta ba mu x² + y² = 169.

x² + (17 − x)² = 169
x² + 289 − 34x + x² = 169
x² − 17x + 60 = 0
(x − 12)(x − 5) = 0

Tsawo mita 12, faɗi mita 5.

Kuskure: (17 − x)² = 289 − x². Wanda ya yi haka x zai ɓace masa, ya wayi gari da 289 = 169. In ka ga irin wannan, ba tambayar ce ta lalace ba. Rubuta (17 − x)(17 − x) ka ninka ɗaya bayan ɗaya, −34x zai fito.

Mataki na 9, irin na jarrabawa. Malam Audu ya sayi kaji na ₦120,000, duk kuɗinsu ɗaya. Huɗu suka mutu. Ya sayar da sauran, kowace da ƙarin ₦1,500 a kan yadda ya saye ta, ya ci ribar ₦10,000 a cinikin gaba ɗaya. Kaji nawa ya saya?

Takarda ta biyu ta lissafin WAEC tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi. Minti goma sha biyar ke nan ga kowace, don haka kada ka fara rubuta ikweshon sai ka fassara labarin guntu-guntu.

Yawan kaji: n
Kuɗin kowace: 120000/n
Waɗanda aka sayar: n − 4
Farashin sayarwa: 120000/n + 1500
Abin da ya shigo hannu: 120000 + 10000 = 130000

(n − 4)(120000/n + 1500) = 130000
120000 + 1500n − 480000/n − 6000 = 130000
1500n − 16000 − 480000/n = 0

A raba da 500, a ninka da n. Ya halatta a nan, domin mun san kajin ba sifili ba ne:

3n² − 32n − 960 = 0
b² − 4ac = 1024 + 11520 = 12544, rut ɗinsa 112
n = (32 ± 112) / 6
n = 24 ko n = −40/3

Yawan kaji ba ya zama ƙasa da sifili, ba ya zama guntu, don haka n = 24. Rubuta wannan dalilin a takarda, kada ka soke amsar a ɓoye.

Gwaji da labarin kansa: kowace kaza ₦5,000 ya saye ta, ya sayar da 20 a ₦6,500, ya karɓi ₦130,000.

Mafi yawan masu faɗuwa a nan tun a layin farko suke faɗuwa. Wasu su sa 10000 a dama, sun ɗauki riba a matsayin kuɗin ciniki. Wasu su ninka 1500 da (n − 4) su ce ribar ke nan, sun manta kajin da suka mutu da kuɗi aka saye su. Wanda kuma ya ƙi raba da 500, zai yi ta kokawa da lambobi masu sifili rututu har ɗaya ya kuɓuce masa. Ko lissafinka ya karkace a tsakiya, ikweshon ɗin da ka kafa daidai yana da makinsa, don haka kada ka goge shi.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin kafin taron safe, da kowane layi na aiki:

(a) 4x² = 9x
(b) (x + 1)(x − 4) = 14
(c) 2x² − 7x + 2 = 0, gurbi biyu
(d) Direba ya yi tafiyar kilomita 240. Da ya ƙara gudun kilomita 20 a awa, da ya rage awa ɗaya. Nawa ne gudunsa?

Amsoshi don ku auna kanku: (a) 0 da 9/4, (b) 6 da −3, (c) 3.19 da 0.31, (d) kilomita 60 a awa. Wanda ya kawo mini amsa tsirara babu aiki, littafinsa zan mayar masa.